Yadda ake samun wasiƙar gayyata mai inganci daga kamfani ko ƙungiya domin neman biza

Jami'in da zai duba takardun mai neman biza bai san shi ba, bai san gidansu ba, kuma ba shi da lokacin da zai saurari dogon bayani. Abin da yake da shi kawai takardun da aka ajiye masa ne, kuma a cikinsu wasiƙar gayyata ce kaɗai take fitowa daga bakin wanda ke zaune a ƙasar da ake son shiga. Tambayoyi uku ake so ta amsa: me zai kai baƙon, kwana nawa zai yi, kuma wa zai biya kuɗin tafiyar. Da yawa daga cikin wasiƙun da ke jawo wa mutane ƙin amincewa ba na bogi ba ne. Na gaskiya ne, amma abin da suka faɗa ya saɓa wa abin da fom, tikiti ko takardar banki suka faɗa. Saboda haka aikin mai nema bai ƙare ba ranar da wasiƙa ta iso, domin sai ya jera ta da sauran takardunsa ya tabbatar bakinsu ɗaya.

Domin kada bayanin ya watse, mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wani kamfanin jimar fata da ke Challawa ya sayi injin tsaga fata daga wani kamfani da ke Arzignano, garin majema da ke kusa da Vicenza a arewacin Italiya, kuma masu injin sun amince su horar da shugaban ma'aikatan da zai riƙa kula da shi na tsawon kwana biyar a masana'antarsu. Italiya na cikin ƙasashe 29 na yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, don haka ƙa'idojin da za a ambata sun shafi Jamus, Faransa, Sifen da sauransu, ko da yake kowane ofishin jakadanci yana da nasa jerin takardu da ya kamata a karanta a shafinsa kafin a fara komai.

Matakin farko: ka aika wa mai gayyata bayananka kafin ya rubuta

Kada ka ce wa mai gayyata ya aiko maka da wasiƙa kawai sannan ka zauna jira. Sakatariyar da za ta buga ta ba ta san yadda ake rubuta sunanka ba, kuma za ta ɗauko shi ne daga ƙarshen saƙonka na imel ko daga katin kasuwancinka. Ka aika mata da hoton shafin fasfonka mai ɗauke da bayanai, a sarari ba mai dishi-dishi ba, tare da muƙaminka a wurin aiki, cikakken sunan kamfaninku da adireshinsa, da ranakun da kake son shiga da fita.

Batun suna ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan mutanenmu suka fi tuntuɓe. Mutum a masana'anta kowa ya san shi da Alhaji Bala ko Malam Ɗanlami, alhali fasfonsa na ɗauke da Muhammad ko Abdullahi. Wani kuma yana rubuta Muhammad a saƙonsa, fasfo kuma ya ce Mohammed. Wani ya sa sunan unguwa ko garinsu a matsayin sunan ƙarshe a katin aiki, amma babu shi a fasfo. A wurin jami'in biza, harafi ɗaya da ya bambanta na iya mayar da mutum ɗaya mutum biyu. Dole sunan da ke wasiƙa ya zama wanda ke fasfo, harafi da harafi, bisa jerin da yake a can, babu Alhaji, babu Injiniya. Haka ranar haihuwa da lambar fasfo. Idan fasfon ya kusa ƙarewa, a fara sabunta shi kafin a nemi wasiƙa, domin sabon fasfo yana zuwa da sabuwar lamba, wasiƙar da ke ɗauke da tsohuwar lambar kuma ta zama ba ta da amfani. Ƙa'idar Shengen ita ce fasfo ya kasance an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da aƙalla shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba, kuma yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za a bar yankin.

Mataki na biyu: dalilin tafiya

Jimla irin "muna gayyatarsa domin harkar kasuwanci" ba ta gaya wa jami'i komai ba. Dalili mai ƙarfi shi ne wanda ya nuna alaƙar da ke tsakanin ɓangarorin biyu, da abin da za a yi, da inda za a yi shi, da kuma abin da ya sa wannan mutum ne ya kamata ya je ba wani ba. A misalinmu, wasiƙar za ta ce kamfanin na Kano ya sayi inji samfuri kaza a wata kaza, ta ambaci lambar takardar cinikin, ta ce baƙon shi ne zai kula da injin idan an kafa shi a Challawa, kuma zai koyi yadda ake daidaita kaurin tsagi, wasa wuƙar injin da kula da shi. Idan aka haɗa mata jadawalin kwanakin biyar, ko da shafi ɗaya ne mai nuna abin da za a yi kowace rana, ya fi kowane yabo da za a rubuta game da baƙon amfani. Daga ɓangaren Kano kuma a sa kwafin takardar cinikin da na Fom M da aka buɗe a banki domin shigo da injin, don jami'i ya ga cewa cinikin da wasiƙar ke magana a kai ya auku da gaske.

Akwai kalmar da ya wajaba a yi hattara da ita, wato "aiki". Gajeriyar bizar kasuwanci tana ba mutum damar halartar taro, baje koli, tattauna ciniki ko gajeren horo, amma ba ta ba shi izinin kama aikin da za a biya shi a can ba. Mai gayyata na iya rubuta da kyakkyawar niyya cewa baƙon "zai yi aiki tare da injiniyoyinmu na mako guda", yana nufin koyo, jami'i kuma ya karanta shi a matsayin ɗaukar ma'aikaci, wanda ke buƙatar wani izini dabam gaba ɗaya. Idan ka ga irin wannan jimla, ka roƙi a gyara ta, a ce horo ne, kuma a ƙara cewa baƙon ba zai karɓi albashi daga kamfanin Italiya ba, yana nan a matsayin ma'aikacin kamfaninsa na Kano.

Mataki na uku: tsawon zama

A nan ake buƙatar lissafi, kuma gara a yi shi da kalanda a hannu. A ce horon zai fara ranar Litinin 12 ga Oktoba ya ƙare ranar Juma'a 16 ga wata. Mai gayyata zai rubuta waɗannan ranaku biyu domin su ya sani. Amma wanda zai tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano sai ya yada zango a wata ƙasa, sau da yawa ya kwana a hanya, don haka zai bar Kano ranar Asabar 10 ga wata, ya sauka Italiya ranar Lahadi 11, ya kamo hanyar gida ranar Asabar 17. Ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirga su a matsayin kwanakin zama, saboda haka zamansa a yankin Shengen kwana 7 ne, ba kwana 5 ba.

Idan wasiƙa ta ce 12 zuwa 16, tikiti ya ce 11 zuwa 17, ajiyar otal ta ce 12 zuwa 16, to akwai dare biyu da babu wanda ya faɗi inda baƙon zai kwana ko wanda zai biya. Maganin abin mai sauƙi ne: a roƙi mai gayyata ya rubuta duka biyun, cewa horon zai gudana daga 12 zuwa 16, kuma ana sa ran baƙon zai iso ranar 11 ya tafi ranar 17. Daga nan sai a kwafe waɗannan ranaku zuwa fom, ajiyar otal, takardar izini daga wurin aiki da inshorar lafiya. Inshorar dole ta rufe dukkan kwanakin zaman, ta yi aiki a duk ƙasashen Shengen, kuma adadinta kada ya gaza Yuro 30,000.

Wasu kan so su ƙara mako biyu a kan tafiyar, su ce tunda an je gara a zaga. Ba laifi ba ne a nemi ƙarin kwanaki, amma kada a sa mai gayyata ya tsawaita horon kwana biyar a takarda ya mai da shi na kwana ashirin. Jami'in ya san tsawon lokacin da irin wannan horo ke ɗauka, kuma kamfanin da ya rubuta abin da ba haka ba yana saka kansa cikin rigima. Idan akwai ziyarar wani abokin ciniki a Milan, a samo tasa wasiƙar dabam. Idan kuma yawon buɗe ido ne, a faɗe shi a wasiƙar da mai nema zai rubuta da kansa, a nuna otal da kuɗin waɗannan kwanakin. Haka nan idan tafiyar ta haɗa ƙasa biyu, ana neman biza ne a ofishin ƙasar da ita ce ainihin maƙasudin tafiya ko wadda za a fi daɗewa a cikinta, ba wadda aka ji an fi samun sauƙi ba.

Sananniyar iyakar nan ta kwana 90 a cikin kowane kwana 180 ita ce mafi yawan abin da gajeriyar biza ke iya bayarwa, ba abin da kowa yake samu ba. Takardar da ake liƙawa a fasfo tana nuna abu uku dabam-dabam: ranakun da bizar ke aiki tsakaninsu, adadin kwanakin da aka yarda a zauna, da yawan shiga. Mutum na iya ganin bizarsa tana aiki na kusan mako uku alhali kwanakin zama 7 ne kawai, kuma wannan adadi na biyu shi ne wanda ba a ƙetarewa. Idan ana sa ran komawa, misali domin zagaye na biyu na horo bayan an kafa injin, to wasiƙar ta faɗi haka a fili, ta roƙi a ba da bizar shiga sau da yawa, ko da yake hukuncin na ofishin jakadanci ne.

Mataki na huɗu: wanda zai biya

Wannan shi ne sashen da aka fi rubutawa da kunya, kuma kunyar ce ke ɓata shi. Mai gayyata ya rubuta "za mu kula da shi a lokacin zamansa", baƙon ya ji nauyin tambaya ko kulawar ta haɗa da tikiti, sai a miƙa takarda a haka. Fom ɗin Shengen kuwa yana da gurbi na musamman da ke tambaya ko mai nema ne zai ɗauki nauyin tafiya da zama, ko kuwa wani ne, wato mai masauki, kamfani ko ƙungiya, kuma yana son a nuna ta wace hanya: tsabar kuɗi, masauki da aka tanada, sufuri da aka riga aka biya, ko dukkan ɗawainiya. Abin da aka zaɓa a wannan gurbi dole ya dace da abin da wasiƙa ta faɗa.

Hanyar da ta fi ita ce a rarraba kuɗin gida-gida, a sa sunan mai biya a gaban kowanne. A misalinmu, kamfanin Italiya zai biya otal na dare shida daga 11 zuwa 17, da ɗauko baƙon daga filin jirgi, da abincin rana a masana'anta. Kamfanin Challawa zai biya tikitin zuwa da dawowa, inshora, kuɗin biza, wanda ya zama Yuro 90 ga babba tun watan Yunin 2024, da kuɗin guzuri na sauran abinci. Wasiƙar gayyata ta lissafa abin da Italiyawan suka ɗauka, ta ambaci sunan otal da adireshinsa, sannan ta ce sauran na kan kamfanin baƙon. Kamfanin Kano kuma ya rubuta tasa wasiƙar a takarda mai tambarinsa, ya lissafa nasa kason, ya tabbatar da muƙamin ma'aikacin da lokacin da ya fara aiki, ya ce zai dawo bakin aikinsa ranar kaza. A haɗa mata takardar rajista ta Hukumar Rajistar Kamfanoni da bayanin asusun banki na watannin da ofishin jakadancin ya nema, wanda yawanci wata uku zuwa shida ne.

Ko da mai gayyata ya ɗauki komai, ana son ganin asusun mai nema na kansa, domin shi ke nuna yana da abin yi a gida da zai dawo masa. Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne a ari kuɗi mai yawa daga wani ɗan'uwa da ke kasuwar Kwari ko ɗan canji a Wapa, a zuba a asusu saura mako ɗaya a miƙa takardu. Asusun da albashi ke shiga kowane wata, ko da ba shi da yawa, ya fi asusun da ya yi wata biyar a bushe sannan miliyoyi suka faɗo cikinsa rana ɗaya. Idan da gaske babban kuɗi ya shigo, na cinikin fata ko na sayar da fili, a sa takardar da ta nuna asalinsa.

Mataki na biyar: siffar takardar da wanda ya sa hannu

Wasiƙar za ta zo da Turanci ko da harshen ƙasar, a kan takarda mai tambarin kamfani, adireshi, lambar waya da imel, an rubuta ta zuwa ga sashen biza na ofishin jakadancin da ke Najeriya, da kwanan wata. Wanda ya sa hannu ya zama mai ikon magana da yawun kamfanin, a rubuta cikakken sunansa da muƙaminsa da lambar da za a same shi kai tsaye. Ga bizar kasuwanci ta Italiya, ana buƙatar a haɗa kwafin katin shaidar wanda ya sa hannun, da takardar rajistar kamfanin daga majalisar 'yan kasuwa ta can, wadda suke kira visura camerale. Idan ka ambaci wannan suna, sakatariyar za ta gane nan take. Italiya tana da nata fom na gayyatar kasuwanci, don haka a duba ko shi ofishin ke so a cike. A duba kuma ko kwafin da aka turo ta imel ya wadatar, ko sai mai gayyata ya aika wa ofishin kai tsaye, ko kuma sai asalin takardar mai sa hannun alƙalami.

Zuciyar wasiƙar ba ta wuce sakin layi uku ba. Ga ma'anar yadda ya kamata ta kasance: "Muna gayyatar wane, ɗan Najeriya, mai fasfo lamba kaza, shugaban ma'aikata a kamfani kaza da ke Kano, domin horo kan injin da kamfaninsa ya saya a wurinmu bisa takardar ciniki lamba kaza. Horon zai gudana a masana'antarmu daga 12 zuwa 16 ga Oktoba, zai iso ranar 11 ya tafi ranar 17. Mu za mu biya masaukinsa a otal kaza, da ɗauko shi daga filin jirgi, da abincin rana a masana'anta, kamfaninsa kuma zai biya tikiti, inshora da sauran buƙatunsa, kuma ba zai karɓi wani albashi daga gare mu ba." Duk abin da aka ƙara a kan wannan ado ne.

Mataki na shida: lokaci, da tabbatar da gaskiyar takarda

Ana iya miƙa buƙata tun wata shida kafin tafiya, kuma a ƙa'ida kada ta gaza kwana 15 kafin ranar. Hukunci kan fito cikin kwana 15, amma doka ta ba su damar kaiwa kwana 45 idan suna son ƙarin bincike. Mutumin Kano sai ya ƙara da lokacin samun ranar ganawa da na tafiya Abuja ko Legas domin miƙa takardu da ɗaukar hoton yatsu. Ga tafiyar Oktoba, ra'ayina shi ne wasiƙa ta kasance a hannu tun watan Yuli, domin kamfanonin Italiya da yawa kan rufe ko su rage aiki a tsakiyar Agusta saboda hutun bazara, kuma idan aka gano kuskure a lambar fasfo a wannan lokaci, ba lalle a sami mai gyarawa ba. Ka kuma sanar da wanda ya sa hannu ranar da ka miƙa takardu, domin ofishin jakadanci na iya kiransa, kuma idan mai ɗaukar waya ya ce bai san da wani baƙo daga Najeriya ba, wasiƙar gaskiya ta koma abin zargi.

Wasiƙar da wani dillali ya ce zai samo maka a kan kuɗi daga kamfanin da ba ka taɓa hulɗa da shi ba, ka nisance ta. Ana gane ta da alamu: adireshin imel na kyauta maimakon na kamfani, lambar wayar da ba ta dace da wadda ke shafin kamfanin ba, dalili na gama-gari da zai dace da kowa, da tarukan da ake neman a biya kuɗin rajista a asusun mutum ɗaya. Ko da ta hannun wani amintacce wasiƙa ta zo, ka nemi lambar kamfanin da kanka ka tambaya. Ƙin amincewa yana shiga rumbun bayanan biza da duk ƙasashen Shengen ke amfani da shi, ya zauna shekara biyar, Birtaniya kuwa tana iya haramta wa wanda ya yi amfani da takardar ƙarya shiga har shekara 10. Faɗin cewa dillali ne ya shirya takardun ba ya wanke mutum, domin shi ya sa hannu a fom.

Idan duk da haka aka ƙi, ba a mayar da kuɗin biza, amma ana ba da takarda da aka yi wa alama a kan dalili, tare da bayanin yadda ake ɗaukaka ƙara. Idan alamar ta faɗa kan cewa ba a gamsu da dalili da yanayin zaman ba, gyaran na wasiƙar gayyata ne da takardun ciniki. Idan ta faɗa kan rashin isassun kuɗi, a koma sashen wanda zai biya. Idan kuwa shakka ce kan niyyar dawowa, wasiƙar gayyata ba za ta magance ta ba komai kyawunta, domin amsar tana cikin takardun aiki, iyali da dukiyar da ke Kano.

Bayan biza ta fito, a duba suna, ranaku da adadin kwanaki nan take, kafin a biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa. Sannan a sa kwafin wasiƙar gayyata, na otal, na inshora da tikitin dawowa a jakar hannu, ba a akwatin da za a auna ba, domin jami'in kan iyaka a filin jirgin da aka fara sauka a yankin Shengen yana da ikon sake yin tambayoyin nan uku, kuma yana iya kiran lambar da ke ƙasan wasiƙar kafin ya ba da izinin shiga.